Gyaran Manyan Baƙaƙe a Jerin Sunaye: Inda PROPER Yake Ɓata Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Ina da sunayen mambobi wajen dubu biyu a Excel, wasu duk da manyan baƙaƙe, wasu duk da ƙanana, wasu a cakuɗe. Na sa PROPER, sai Rabi'u ya koma Rabi'U, BUK ta koma Buk. Yaya zan daidaita su ba sai na bi ɗaya bayan ɗaya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Doka ɗaya tak PROPER ya sani: duk harafin da ya zo a farkon rubutu, ko ya biyo bayan wani abin da ba harafi ba, zai mai da shi babba, sauran kuma ƙanana. A wurinsa alhamzar da ke cikin Rabi'u ba harafi ba ce, don haka yana ɗaukar u ɗin nan a matsayin farkon sabuwar kalma. Haka zai yi wa Sa'adu, Mu'azu, A'isha da garin Jama'are. Sunayenmu kuwa cike suke da alhamza, shi ya sa ɓarnar ta fi yawa a wurinmu.

Kafin komai, kada ka taɓa kolum ɗin asali. Bar shi a A, ka yi gyara a B. Ranar da wani ya zo yana ƙorafin an sauya masa suna, A ne shaidarka.

Dabarar alhamza ita ce a ɓoye ta na ɗan lokaci. Za ka musanya ta da wasu haruffan da ba sa zuwa a jere cikin suna, PROPER ya yi aikinsa, sannan ka dawo da ita:

```
=SUBSTITUTE(PROPER(SUBSTITUTE(TRIM(A2),"'","qqq")),"qqq","'")
```

Mu bi RABI'U SA'ADU mu gani. TRIM zai share tazarar da ta yi yawa. Musanyar farko za ta ba da RABIqqqU SAqqqADU. Yanzu PROPER kalma biyu kawai yake gani, sai ya fitar da Rabiqqqu Saqqqadu, musanyar ƙarshe kuma ta mai da shi Rabi'u Sa'adu.

Wuri biyu wannan fomula take tuntuɓe. Idan alhamzar a farkon kalma take, kamar a 'Yankara, PROPER zai mai da q na farko babba, SUBSTITUTE kuwa yana bambanta babba da ƙarami, sai ka tarar da Qqqyankara zaune a jerinka. Maganinsa ka ƙara musanya ɗaya a waje, wadda za ta mai da "Qqqy" ya zama "'Y". Na biyu, alhamzar ba iri ɗaya ba ce. Wadda aka buga a Excel miƙaƙƙiya ce ('), wadda aka kwafo daga Word kuwa sau da yawa lanƙwasasshiya ce (’). Ido ba ya saurin rabewa, amma fomula tana rabewa. Idan ka ga wasu Rabi'u sun gyaru wasu sun ƙi, wannan ne dalili. Yi amfani da Find and Replace ka mai da su iri ɗaya tun farko.

Sai abin da na fi so ka riƙe. Ba kowane suna ne yake buƙatar gyara ba. Wanda aka rubuta duk da manya, ko duk da ƙanana, shi ne maras lafiya. Wanda yake a cakuɗe, galibi mutum ne ya zauna ya rubuta shi yadda mai shi yake so. Dubi Na'Abba, sunan Ghali Umar Na'Abba da ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 1999 zuwa 2003, ko Yar'Adua yadda aka saba ganinsa a takardun hukuma. A nan babban baƙin bayan alhamza daidai ne, fomularmu kuwa za ta ƙasƙantar da shi. Don haka a kolum C ka sa sharaɗi:

```
=IF(OR(EXACT(A2,UPPER(A2)),EXACT(A2,LOWER(A2))),B2,A2)
```

Ma'anarsa, idan sunan duk manya ne ko duk ƙanana, a ɗauki gyararren da ke B, in ba haka ba a bar shi yadda yake. Cakuɗaɗɗun da ke da kuskure na gaske, irin su mUSA, da ido za ka tsince su, kuma ba su cika yawa ba.

Taƙaitattun sunaye irin BUK, NYSC da JAMB ba su da wata alamar da fomula za ta gane su da ita, dole ka rubuta jerinsu da kanka ka dawo da kowanne. Sirrin shi ne tazara. Ka sa tazara gaba da bayan rubutun, ka nemi kalmar tare da tazararta:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(" "&E2&" "," Buk "," BUK "))
```

In ka cire tazarar, Bukar zai wayi gari yana BUKar. Kuma ka lura na sa E2, wato kolum ɗin makaranta ko wurin aiki, ban sa na suna ba. Dalilina ABU ne. A kolum ɗin makaranta, Jami'ar Ahmadu Bello ce ta Zariya. A kolum ɗin suna, Abu ne ɗan gidan Malam. Na taɓa ganin jerin da aka yi wa wannan musanya gaba ɗaya, duk wani Abu ya koma jami'a. Idan suna da makaranta a gida ɗaya suke a jerinka, raba su tukuna. Lambobin sarauta ma haka: II zai koma Ii, III ya koma Iii, sai ka dawo da su ta wannan hanya.

Ƙananan kalmomin da ke shiga tsakanin suna sun fi wuya, domin a nan shawara ce za ka yanke. A Usman ɗan Fodiyo, ɗan yana nufin ɗa ne, ƙaramin baƙi ya dace da shi. A Ɗanjuma ko Ɗanladi ya riga ya narke cikin suna, babba ne. Haka na da ta a laƙabi irin Ado na Malam, da bin da ibn a sunayen Larabci: ƙanana a tsakiya, manya idan su suka buɗe suna, kamar Ibn Khaldun. Musanyar " Ɗan " zuwa " ɗan " za ta yi maka yawancin aikin, sai dai a nan kada ka ƙara tazara a gaban rubutun, don kalmar farko ta tsira. El- da Al- kuwa ka ƙyale su yadda PROPER ya bar su, tunda a Najeriya da babba aka saba rubuta El-Rufai da Al-Mustapha. Wanda kuma katin shaidarsa ya nuna Ibn da babba a tsakiya, bi katinsa, domin takardar shaidar da za ka ba shi da katin za a gwada ta.

Muƙamai irin Alhaji, Hajiya, Farfesa da Wazirin Katsina ba su da rigima, PROPER yana yi musu daidai. Kan takarda ne ke son a mai da da, a, na, ta, ga ƙanana, kamar Tarihin Sarauta a Ƙasar Hausa. Wannan musanya ma ka nisanta ta da kolum ɗin suna, domin A ɗin da ke Musa A Bello harafin sunan tsakiya ne.

In ka gama, jera kolum C bisa tsarin abacada ka karanta shi sau ɗaya daga sama har ƙasa. Sunaye masu kama za su taru wuri guda, duk wanda ya fita daban zai yi tsaye. Sannan ka kwafe shi ka liƙa da Paste Special, ka zaɓi Values, don fomular ta tafi rubutun ya zauna.