Me ya sa lissafin daskarewar ruwan gishiri bai yi daidai da na littafi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ina gida a ƙauyenmu kusa da Ringim, ina shirin jarrabawa. An ce ruwan gishirin da ake ƙara wa maras lafiya, mai giram 9 a lita guda, yana daskarewa a wajen digiri 0.53 ƙasa da sifiri. Ni na lissafa na samu 0.29. Da na sa i = 2 na samu 0.57. Ina na kuskure? Kuma da wane i zan nemo matsin osmosis?

Wa alaikumus salam ƙanena. Lissafinka na biyu ba kuskure a cikinsa, kuma wannan ɗan giɓi da ka gani tsakanin 0.57 da 0.53 shi ne ainihin darasin. Na daɗe ina koyar da kimiyyar sinadarai a sakandaren karkara a Jigawa, kuma shekaruna na farko ni ma haka nake faɗa wa yara: gishiri biyu, sukari ɗaya, a wuce wurin. Sai da wata ɗaliba ta tsare ni da irin tambayarka na koma na zauna da abin sosai.

Ka fara riƙe wannan: ruwa bai damu da sunan abin da aka narkar a cikinsa ba, bai kuma damu da nauyinsa ba. Yawan ƙwayoyin da ke yawo a ciki kaɗai yake ji. Su ne ke hana ƙwayoyin ruwa jeruwa su zama ƙanƙara, sai sanyi ya ƙaru kafin su iya. Ƙa'idar ita ce ΔTf = i × Kf × m. ΔTf shi ne yawan digirin da daskarewar ta sauka ƙasa da sifiri, i yawan gidajen da kowace ƙwaya ke rabuwa in ta narke, Kf na ruwa 1.86 ne, m kuwa yawan mol ne a kilo guda na ruwa. Mol guda na NaCl giram 58.5 ne, to giram 9 ya zama mol 0.154. Ka ninka da 1.86, ka samu 0.29 ɗinka na farko. A nan ka ɗauki gishiri kamar sukari, wanda ke narkewa ya zauna a dunƙule. Gishiri kuwa da ya shiga ruwa rabuwa yake yi gida biyu, Na⁺ da Cl⁻, waɗanda ake kira ayon, shi ya sa ka ninka da biyu ka samu 0.57.

Akwai maƙwabciyarmu mai sayar da zoɓo da ruwan sanyi, tana da firiza mai aiki da sola. Kullum in ta buɗe da hantsi, ledojin ruwa sun yi tauri kamar dutse, na zoɓo kuwa ka matsa ka ji ɓurus-ɓurus a yatsa, rabi ƙanƙara rabi ruwa mai zaƙi. Da ita nake ba yara misali. A ce ta zuba sukari giram 100 a kilo guda na ruwa. Mol guda na sukari giram 342 ne, saboda haka mol 0.29 ke nan, i kuma 1 ne, ya ba ka digiri 0.54. Dubi abin da kyau: aikin da sukari giram 100 ya yi, gishiri giram 9 ya yi kusan irinsa, don ƙwayoyinsa ƙanana ne kuma kowace ta rabu biyu. Abin da ke ƙara jinkirta zoɓon shi ne, ruwa zalla ne ke fara daskarewa ya bar sukarin a baya, ragowar ya ƙara kauri, shi kuma sai ya nemi sanyin da ya fi na farko.

To me ya hana gishiri cika biyun? Yara da yawa suna cewa wai wani sashe ne bai rabu ba. Ba haka ba ne, NaCl rabuwa yake yi gaba ɗaya a ruwa. Sai dai ayon ɗin nan biyu cajinsu kishiyoyi ne, suna jan juna. Kowane Na⁺ za ka tarar Cl⁻ sun fi yawa a kewayensa, don haka ba sa sakin jiki su yi yawo kowa da kansa, tasirinsu ya ɗan gaza na ƙwayoyi biyu masu cikakken 'yanci. Wannan i, da ake kira da sunan van 't Hoff, mutumin Holan da ya fara karɓar kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1901, awo ne ke ba da shi na gaskiya. Ka raba abin da aka auna da abin da za a samu in babu rabuwa: 0.53 ÷ 0.286, ka samu kusan 1.85. In ka yi ta ƙara ruwa, ayon suka yi nisa da juna, i zai riƙa matsowa kusa da 2. In kuma cajin ya fi ƙarfi, giɓin ya fi faɗi. MgSO₄ ma gida biyu yake rabuwa, amma kowane ɓangare cajinsa biyu ne, a m = 0.1 abin da ake aunawa wajen 1.2 ne kacal. Wanda ya sa masa 2 ya yi nisa da gaskiya ƙwarai.

Yanzu matsin osmosis. Ka taɓa yanka gurji ka barbaɗa masa gishiri, ka ga ruwa ya tsattsafo a kai? Ruwa ne ke ratsa tantani daga inda ƙwayoyi ba su da yawa zuwa inda suka fi yawa. Matsin da za a sa don tsayar da wannan ratsawa shi ne π = i × C × R × T. A nan C yawan mol ne a lita guda ta gaurayen, ba a kilon ruwa ba. A ruwa maras kauri irin naka lambobin biyu kusan ɗaya ne, shi ya sa muke amfani da 0.154 a duka. A ruwa mai kauri kamar zoɓon can sun fara rabuwa, kada ka musanya su.

R shi ne 0.0821, T kuma zafin jikin mutum, digiri 37, wanda dole ka ƙara masa 273 ya zama 310. Da i = 2 za ka samu 2 × 0.154 × 0.0821 × 310, wato kusan 7.8 atm. Da 1.85 kuwa wajen 7.3 atm. Wannan ya ninka iskar tayar ƙaramar mota fiye da sau uku. Jininmu ma a wannan yankin yake, yana daskarewa a wajen 0.52 ƙasa da sifiri, shi ya sa aka zaɓi giram 9 a lita. Da za a sa wa mutum ruwa zalla a jijiya, ruwan zai yi ta shiga jajayen ƙwayoyin jini har su kumbura su fashe.

Kuskuren da na fi gani a takardun yara shi ne barin 37 a yadda yake. Amsar sai ta fito 0.87 atm ko kusa da haka. Duk lokacin da ka ga ruwan da aka ce ya yi daidai da jini ya ba ka ƙasa da 1 atm, koma ka duba T kafin komai. Na biyu shi ne ƙirga ayon ba daidai ba: CaCl₂ uku ne, Na₂SO₄ uku ne, don SO₄ ba ya tarwatsewa, dunƙule yake tafiya. Gulukos da yuriya kuwa ɗaya ne.

Hanyar da na fi so in an ba ni digirin daskarewa ita ce, ba na ma neman i. Na raba 0.53 da 1.86, na samu 0.285, wato yawan ƙwayoyin da ruwan yake ji a zahiri. Na ninka da 0.0821 da 310, amsa ta fito wajen 7.3 atm kai tsaye, gyaran yana cikinta tun farko.

A ɗakin jarrabawa, in tambaya ta ce a ɗauka gishirin ya rabu gaba ɗaya, ko ba ta ba ka wani awo ba, sa 2 ka rubuta cewa haka ka ɗauka. In ta ba ka digirin da aka auna, to i ɗin ake so ka nemo, kada ka cusa 2. In kuma abu ne mai raunin rabuwa kamar asid ɗin binega, a nan ne kaɗai α = (i − 1)/(n − 1) ke nufin ainihin kason da ya rabu, n kuma yawan ayon da ƙwaya guda ke bayarwa.

Gwada wannan ka turo mini: CaCl₂ giram 5.55 a kilo guda na ruwa, mol ɗinsa giram 111. Nemo digirin daskarewa da i = 3, sannan ka faɗa mini ko awo na gaskiya zai fi amsarka ko zai gaza ta, da dalilinka. Allah ya ba da sa'a.