Ƙarfe uku na rana ne iyakarmu

Ƙanena, ka tambaya yadda mu da muka daɗe a birnin Adelaide na Ostiraliya muke sanin ƙarfe nawa a wajenku ba tare da duba waya ba. Tazarar awa tara muke riƙewa a ka, shi ke nan.

Ainihin tazarar ba tara ba ce. Agogon Najeriya da Nijar yana gaban na Greenwich da awa ɗaya, kuma ba a taɓa shi duk shekara. Namu yana gaban na Greenwich da awa tara da rabi, sai a ƙara masa awa ɗaya daga Lahadin farko ta Oktoba zuwa Lahadin farko ta Afrilu. Ke nan wani lokaci mun riga ku da awa takwas da rabi, wani lokaci da tara da rabi. Wa zai tsaya lissafin rabi-rabi yana tsakiyar aiki? Sai muka tsaya a tsakiya, kuskuren ba ya wuce minti 30.

Taran ma ba ƙirga ta muke yi ba. Ka mayar da safe dare, ko dare safe, ka cire uku. Goma na safe a wajenku, goma na dare, cire uku, bakwai na yamma a nan. In daga nan ne zuwa wajenku, ka juya, ka ƙara uku.

Abin da ke kayar da sabon zuwa kuwa ranar ce. Sha biyun darenmu yana faɗawa wajen uku na ranarku, saboda haka da uku ta gota a wajenku mu mun shiga gobe. Mu ma kafin tara na safe ba ma ce muku "yau", domin kuna jiya. Bakwai na safen Litinin a nan, goma na daren Lahadi ne a can.

Tsakanin biyu da rabi da uku da rabi na ranarku dabarar ba abin dogaro ba ce, dole ka dawo da rabin awar nan. Ɗauki uku da kwata na ranar Alhamis a watan Yuli. Tara za ta ce maka sha biyu da kwata, Juma'a ta shiga, alhali sha biyu saura kwata ne, muna Alhamis. A Disamba abin yakan juye: uku saura kwata a wajenku, ka zaci da sauran Alhamis, mu kuwa mun yi minti 15 cikin Juma'a. Haka wani ɗan uwanmu ya rasa wata takarda da ake rufe karɓa 11:59 na dare agogon nan. Da lissafinsa yana da sauran kwata, ya aika, ashe an rufe tuni.

In gaisuwa ce, tara ta ishe ka. In akwai wa'adi ko jirgi, fara tambayar watan da ake ciki.