Shafi na 47 da ba a ga komai a cikinsa ba

"Maigida, na loda wa manhajar AI ɗin nan kundin kwangilar mai shafi 212 don in san kashi nawa ake riƙewa daga kuɗin ɗan kwangila. Ta ba ni kashi 5, shafi na 47, har da jimla cikin alamar zance. Na buɗe 47 ban ga komai ba. In tura wa Alhaji haka?"

Kada ka tura, Sani. Amma kafin ka ce ƙarya ta yi, duba farkon kundin. Bango da jerin abubuwan ciki sukan ɗauki lambobin Romawa, i zuwa xii misali, sannan a fara ƙirga 1. In haka ne, shafin da aka buga wa 47 a ƙasansa shi ne na 59 a lissafin PDF. Buɗe duka biyun.

In babu a nan ma, to ga abin da ya faru. Yawancin manhajojin nan ba sa kallon takarda shafi-shafi kamar ni da kai. Zare rubutun ake yi, dogon kundi kuma a yanka shi gunduwa-gunduwa, a miƙa mata 'yan gutsattsarin da suka yi kama da tambayarka. Sau da yawa lambar shafi a nan take faɗuwa. Ita kuwa ta saba ganin amsa da lamba a gefe, sai ta cike gurbin da wadda ta yi kama da gaskiya. Kashi 5 ɗin ma ina shakkarsa, don adadi ne da ya yawaita a kwangiloli, tana iya kawo shi ko ba ta gan shi a namu ba.

Jimlar da ke cikin alamar zance ta fi damuna, domin Alhaji zai karanta ta a gaban injiniya a matsayin lafazin kwangila. Ɗauki kalma huɗu ko biyar daga tsakiyarta, ka danna Ctrl+F ka nema. Kada ka sa jimlar duka, karyewar layi kan hana a same ta ko tana nan. In ba ta fito ba, gwada wata kalma da idonka ke gani a shafin. Ita ma ta ƙi? To shafin hoto ne aka yi sikanin, wataƙila manhajar ba ta ma karanta shi ba, sai ka bi da ido.

In ka samu wurin, kwafo lafazin da hannunka, ka rubuta lambar sashe kafin ta shafi, don sashe ba ya gusawa ko an sake buga kundin. Ka leƙa sharuɗɗa na musamman kuma, can ake sauya adadin da sharuɗɗan gama-gari suka faɗa. In ka fassara zuwa Hausa ko ka taƙaita, cire alamar zance.

In har la'asar ba ka samu ba, rubuta wa Alhaji sassan da ka duba, ka ce ba ka ga adadin a cikinsu ba. Sauran kawo mini, mu duba tare.