Tambaya ɗaya, abu biyu: me ya sa amsoshin fom ɗina suka ƙi amfani?

Tambaya: Malam, na haɗa fom a Google Forms don jin ra'ayin masu amfani da manhajarmu. Na tambaye su: "Shin manhajar tana da sauri kuma tana da sauƙin amfani?" Cikin mutum 200, 120 sun ce a'a. Yanzu na rasa abin da zan gyara.

Amsa: Malama, taura biyu kika ba su, kuma ba ta taunuwa. Masu amsa miki kashi huɗu ne: wanda ya ga sauri da sauƙi duka, wanda ya ga sauri amma ya sha wahalar gane kanta, wanda ya iya ta amma tana masa nawa, da wanda bai ga ko ɗaya ba. Kashi ukun ƙarshe duk a'a za su danna. Cikin 120 ɗin nan, wataƙila 100 rashin sauri ne kawai ya dame su, wataƙila kuma 10 ne. Babu dabarar Excel da za ta raba miki su, domin tun farko bayanin bai shiga fom ɗin ba.

Da ma'aunin 1 zuwa 5 kika sa, da abin ya fi ɓuya. Wanda a ransa ya ba sauri 5, sauƙi 1, sai ya zaɓi 3 ya wuce, ya zauna layi ɗaya da wanda komai ya yi masa tsaka-tsaki. Idan kin ga amsoshi sun taru a tsakiya, ko ana tsallake tambaya, ko ana rubuta "sauri dai akwai, amma...", ki zargi tambayar.

Kafin ki tura kowace tambaya, ki duba: mai gaskiya zai iya cewa e ga rabinta, a'a ga ɗaya rabin? In zai iya, ki raba ta. "Yaya saurin buɗewar manhajar?" daban, "Yaya sauƙin samun abin da kake nema a cikinta?" daban. Ki zaɓi Multiple choice grid, kowane abu da layinsa, ma'aunin kuwa ɗaya.

Akwai wata mai shigar burtu, irin "Sabuntawar da ka yi ta magance maƙalewa?" Wanda bai sabunta ba fa, me zai ce? Ki fara da "Ka sabunta manhajar?", ki sa tambaya ta biyun a section nata daban, sannan ki kunna Go to section based on answer, masu cewa e kaɗai su ga ta biyun. Wannan yana aiki ne da Multiple choice da Dropdown kawai.

Kada ki gyara tsohuwar tambayar a inda take, don tsofaffin amsoshi za su cakuɗe da sababbi. Ki danna Make a copy, ki raba tambayar a sabon fom, ki sake turawa.