Amsar Yaya kan maganar ajiye hatsi ga ma'aikaci

Tambayar da aka turo: "Salam Yaya, ni ma'aikaci ne albashina dubu 120, adashina zai fito dubu 300 ƙarshen wata. Ina so in fara ɗan kasuwanci amma ina tsoron kar ya taɓa min aiki. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa albarka a wannan kuɗi. Toh kafin mu je ga me zaka saya, ka fara duba wane irin aiki kake, don baka faɗa ba. In na gwamnati ne, tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana ma'aikacin da ke cikakken aiki ya riƙa gudanar da kasuwanci da kansa, noma kaɗai aka cire aka ce ya yi. Mutane da yawa suna yi ba a kula su, gaskiya ne, amma ranar da kuka saɓa da wani a ofis toh da wannan za'a rubuta maka takardar tuhuma. In kuma kamfani ne ko makarantar kuɗi sai ka ɗauko takardar ɗaukar aikinka ka karanta, wasu suna rubuta cewa baka da damar yin sana'a irin tasu a gefe. Shi yasa ni shawarata kullum ita ce kai ka zama mai jari, wani amintacce ya zama mai gudanarwa, kuma ku zaɓi abin da baya buƙatar a kira ka ƙarfe 11 na safe kana bakin aiki ace kwastoma na jira.

Ka ga shago, ko sana'ar cire kuɗi, ko sai da data, duk suna cin lokaci wallahi, waya zata ta ringin, oga yana ganinka kana fita kana shigowa, wata biyu kawai sunanka ya ɓaci a wajen. Ajiye hatsi kuwa sau biyu ake motsi a shekara, ka saya da kaka wajen Nuwamba zuwa Disamba lokacin da kaya suka cika kasuwa, ka fitar wajen Mayu ko Yuni in damina ta kama kaya sun yi ƙaranci a hannun mutane. Duka biyun ana iya yi ranar Asabar.

Bari mu ɗauki wake mu yi lissafi, farashin da zan faɗa misali ne kawai, kai ka tura a tambayo maka na ranar a Dawanau ko kasuwar ƙauyen da ke kusa da ku. A ce buhu dubu 60. Kar ka ce zaka sayi biyar kuɗin ya ƙare tas, a'a, buhu 4 zaka saya dubu 240. Buhun ajiya mai leda biyu a ciki wanda ake ce wa fiks, a ce dubu 3 kowanne, dubu 12 kenan. Dako da lodi da kuɗin mota dubu 8, hayar sito na wata shida dubu 10, ya tashi dubu 270. Ragowar dubu 30 ɗin nan ka barta a gefe kar ka taɓa, ita ce zata hana ka shiga albashi in wani abu ya taso. Toh kaga kowane buhu ya tsaya maka dubu 67 da 500, wannan lambar ita zaka rubuta ka riƙe ba dubu 60 ba, don da yawa anan suke ruɗewa, mutum ya sayar dubu 66 yana murna ya ci riba alhali faɗuwa ya yi.

In Allah ya sa ya kai dubu 85 ka samu dubu 340, riba dubu 70. Ka ba wanda ya kula maka kashi ɗaya cikin uku, wajen dubu 23, ka tashi da dubu 47 a wata shida, bai ma cika dubu 8 a wata ba. Na san zaka ce kaɗan ne, eh kaɗan ne, amma haka jarin dubu 300 yake bayarwa, duk wanda ya ce maka zai ninka maka shi a wata biyu ka guje shi. Kuma yana iya juyawa, in ya sauko dubu 55 ka tafka asarar dubu 50. Wannan ya faru da mutane, a 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, zuwa 2025 farashin hatsi ya faɗi sosai, waɗanda suka saya da tsada suka ajiye sun sha wuya. Wanda ya sa kuɗin adashinsa ya ji zafi ya wuce, amma wanda ya ci bashin banki da ake cirewa daga albashi shi ne ya shiga uku, kaya sun faɗi kuma duk wata ana zare masa, gida ba cefane, a ofis hankalinsa baya jikinsa. Don Allah kar ka ci bashi a kan albashinka don wannan, ko na kwafaretif ne, a shekarar farko dai.

Sai maganar kayan kansu, don waken da ƙwari suka cinye ba farashin da zai cece shi. Wajen saye kar a duba saman buhu kawai, a zazzage a gani, a ɗau ƙwaya a ciza, in ta fashe ƙwas toh ya bushe, in ta lotsa a haƙori akwai danshi. Ko ka samu busasshiyar kwalba ka zuba waken da ɗan gishiri ka girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar sai an sake shanya shi. Wajen ɗurawa a matse iska a ɗaure leda ta farko daban, ta biyu daban, sannan buhun waje, kuma kar a riƙa buɗewa ana leƙawa, rashin iskar ne yake kashe ƙwarin. A ɗora kan katako kar ya taɓa ƙasa ko bango, a sa ido kan ɓera don huda ɗaya ta lalata aikin. In ka je dubawa ka ga gari gari a gindin buhu ko ka sa hannu ka ji ɗumi, fitar da wannan buhun ka sayar a satin. Kuma kar a zuba maganin ƙwari irin na feshi a cikin abincin mutane, na roƙe ka, wannan haƙƙi ne babba.

Shi kuma wanda zai riƙe maka, ko ƙaninka ne uwa ɗaya uba ɗaya ku rubuta a takarda da shaida biyu, buhu nawa, nawa aka saya, kason kowa a riba, kuma ba'a sayarwa ko a bada bashi sai da izininka. Ka buɗe wani akawun daban wanda ba na albashi ba, duk kuɗin wake ta nan zai shiga ya fita. Abokan aikinka kuma kar ka fara basu kwano biyu uku bashi zuwa ƙarshen wata, nan ne rigima take shigowa ofis, balle ace wanda ke ƙarƙashinka ne ko ogan da bazaka iya tambayarsa kuɗinka ba.

Na san wani a gurup zai ce ai ɓoye abinci ne, toh ku sa farashin da zaku sayar tun ranar saye, in ya kai ku fitar, kar a riƙe kaya mutane na nema ana jiran ya ƙara hawa, sauran bayanin hukuncin kuma ka zauna da malaminku ya warware maka. Ka turo min wane aiki kake da garin da kake, sai in ga ko wake ne ya fi maka ko waken suya.