Hirar wata biyar a waya, ta ina za mu ɗora?

Tambaya: Salam Malam. Ina Katsina wajen Ƙofar Ƙaura amma ginin nawa a Daura yake, wata biyar muna magana da maginin ta WhatsApp, yanzu ya samu aiki a Abuja ya bar ma ƙanenshi. Hirar ta yi tsawo sosai ga boyis barkatai. Ya zan taƙaita ma sabon don mu ci gaba daga inda muka tsaya ba sai an koma farko ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa a gama lafiya. Abu na farko don Allah kar ka kwashi saƙonni ka yi ta tura mashi ɗaya bayan ɗaya, wanda kusan kowa shi yake fara yi. Saƙon da ka tura ma wani yana zuwa ne da ɗan rubutun Forwarded a samanshi kawai, babu ranar da aka fara rubuta shi, babu sunan wanda ya faɗa, to yaron zai ga "a sa taga ƙafa 4" kuma ya ga "a sa ƙafa 5" bai san wanne ya riga wanne ba. Kuma ko ya sani ma, mutumin da ke kan gini da siminti a hannu ba zai zauna ya karanta saƙo ɗari uku ba wallahi, zai ce maka "to Alhaji na gani" ya ci gaba da abin da ya ga dama.

Shi ba tarihin hirarku yake nema ba. So yake ya san yau ɗin nan ina aka kwana. Saboda haka karatun ma daga ƙasa za ka faro ka yi sama, saƙon ƙarshe tukuna, don a doguwar hira magana ɗaya ana iya canza ta sau uku kuma ta ƙarshen ita ce mai aiki. Duk maganar da ka tarar an yanke, ka danne ta ka sa mata tauraro, in ka ƙara hawa sama ka ga tsohuwar maganar kan abu ɗaya ka wuce ta. In hirar ta fi ƙarfin yatsa, shiga ɗigo ukun nan na sama, More, sai Export chat, ka zaɓi Without media. Zai ba ka fayil na rubutu da kwanan wata da suna a gaban kowane saƙo, har saƙo 40,000 yana ɗauka, da hotuna kuwa 10,000 ne iyaka. Amma ka lura, duk inda boyis yake ko hoto abin da za ka gani shi ne <Media omitted>, kuma mu nan ai rabin maganarmu a boyis take. Dole ka ware dare guda ka saurare su da biro a hannu, ba makawa.

Na taɓa yin irin wannan ma wani yayana da ke gini wajen hanyar Mai'adua, ni na riƙe mashi lissafi. A rubuce an ce tagogin falo ƙafa 4 ne, har sau biyu. Ashe bayan sati uku maigidan ya yi boyis na minti biyu da rabi, ya yi gaisuwa ya tambayi iyali ya yi maganar yashi, can ƙarshe ya ce af, tagogin nan a mai da su ƙafa 5. Tsohon magini ya amsa da ɗan yatsa kawai. Da ban saurara har ƙarshe ba da an zuba linta kan ƙafa 4, sai fasawa. Ga kusan abin da na tura ma sabon, bayan sallama da gaisuwa:

"Inda aiki yake yau: bulo ya kai linta a ɗakuna uku, falo saura layi biyu. Ba a zuba linta ko ina ba.
Kuɗi: an turo 500,000 da 400,000 da 300,000, jimla 1,200,000. Tsohon magini ya ce an kashe 1,050,000, saura 150,000 a hannunshi.
Bulo inci 9: an biya kuɗin guda 1,500, an kawo 1,100, muna bin mai bulo 400.
Tagogin falo ƙafa 5 ne. Da an ce 4, an fasa, in ka ji 4 a bakin leburori tsohuwar magana ce.
Ba a yanke ba: ko za a fitar da ƙofar kicin ta baya. Maigida zai faɗa kafin Juma'a, kar a taɓa wajen.
Abin da ke kanka yanzu: ka ƙirga bulon da ke ƙasa da buhunan siminti ka turo hoto."

Ka duba layin tagar nan da kyau, shi ne wanda mutane suka fi mantawa. In ka rubuta sabuwar magana kawai ba ka ambaci wadda aka soke ba, tsohuwar tana nan da ranta a kan wasu, lebura ya ji ta, mai walda ya ji ta ƙila ma ya auna, gobe su ce ma sabon ai mu 4 muka sani, shi kuma ya ɗauka kai ka yi kuskuren rubutu. Amma ba kowace sokakkiyar magana za ka jawo ba, sai wadda wani zai iya aiki da ita.

Sai kuma kalmar "ya ce" da na sa a layin kuɗi, da gangan ne. Kuɗin da aka tura akwai alat akwai rasit, wannan tabbas ne. Abin da aka kashe kuwa faɗar mutum ɗaya ce, in ka rubuta shi kamar ka gani da idonka ka sa hannu kenan. Haka "in sha Allah zan duba" ba alkawari ba ne, kar ka mai da shi "an amince" don taƙaitawar ta yi kyau, ka jefa shi cikin abin da ba a yanke ba tare da sunan wanda ake jira.

Kafin ka tura ma ƙanen, fara tura ma yayan a tsohuwar hirar ka ce ya duba in akwai gyara. Minti biyar ne a wajenshi, kuma nan ne za ka ji irin su "ai 150,000 ɗin na ba mai rodi 60,000 kafin alƙalami" wanda a waya aka yi ko ma ba a faɗa ba sam. Mu haka ta faru, balas ya dawo 90,000. In ya ce haka ne, ɗauki sikirinshot ka aje.

Shi kuma sabon kar ka karɓi "to" daga wajenshi. Kunya ce za ta sa ya ce to, musamman in ka girme shi. Ce mashi ya maimaita maka a boyis me zai fara yi gobe da safe. In ya ce zai ƙirga bulo ya turo hoto, ya gane. In ya ce zai haɗa katakon linta, to bai karanta ba, kira shi. In ma karatun boko bai zauna mashi sosai ba ka karanta mashi saƙon da bakinka, amma rubutun ya zauna a hirar saboda lambobi.

Daga nan ka danne saƙon ka zaɓi Pin ya tsaya a sama, yana ba da awa 24 ko kwana 7 ko kwana 30, ɗauki 30, in ya ƙare lokacin ma aiki ya matsa sai ka rubuta sabo. Ka leƙa kuma ko Disappearing messages a kunne yake a sabuwar hirar, wasu suna kunna ma duk hirarsu ba su ma sani ba, ka wayi gari bayan sati saƙon ya ɓace. Tsohuwar hirar kuwa kar ka goge ta, fayil ɗin da ka fitar ba ya komawa cikin WhatsApp, kuma boyis ɗin ba sa ciki.