Yatsu shida da rubutun da ya narke

"Maigida, na cika Negative prompt, wurin rubuta abin da ba na so a hoto, da kalmomi fiye da talatin, amma hannun da ke hoton tallar kwalbar man shafawa har yanzu yatsu shida ne, rubutun jikin kwalbar kuma ya narke. Me zan ƙara?"

Kada ka ƙara komai, ɗana, rage za ka yi. A kowane mataki injin zana hoto na Stable Diffusion, wato SD, na yin hasashe biyu, ɗaya da abin da ka nema, ɗaya da abin da ka hana, sai ya karkata hoton nesa da na biyun. Lambar CFG Scale ce ke yanke ƙarfin karkatawar. Fara duba ta. Idan 1 ce, kamar yadda ake sa wa SDXL Turbo, hanin ba ya aiki ko kaɗan. A SD 1.5 ka bar ta wajen 7.

Hani yana cin nasara ne kan abin da injin ya san kamanninsa. Rubutu ya sani, don haka wannan zai share maka jikin kwalbar:

```
text, letters, watermark, logo
```

Ka fitar da kwalba mai fanko, ka ɗora sunan kayan da hannunka a Photoshop ko GIMP. Ni ko injin ya rubuta daidai ba na barinsa, domin mai kaya na da irin haruffansa, kuma harafi ɗaya ya karkace zai dawo maka da aiki.

Hannu kuwa wani zance ne. Injin bai iya ƙirga yatsu ba, don haka "extra fingers" ba ya koya masa cewa biyar ake so. In ka matsa masa da yawa, sai ya ɓoye hannun a bayan kwalba ko ya yanke shi daga hoton, fata kuma ta koma kamar roba. Ka ga wannan alamar, hanin ya yi nauyi.

Ciwon na gaskiya ƙarancin wuri ne. SD 1.5 na matse hoto mai faɗin fiksil 512 zuwa 64 kafin ya yi zane, wato kashi ɗaya cikin takwas. Hannun da faɗinsa fiksil 40 ne ya zama ɗigo biyar kacal. Ina yatsu za su zauna?

To ga yadda za ka yi. Ka bar "extra fingers, deformed hands" kaɗai a Negative prompt, tare da layin hana rubutu na can sama. Ka tura hoton zuwa Inpaint, inda ake sake zana wani sashe kaɗai, ka shafe hannun har wuyansa, ka zaɓi Only masked domin a zana wurin da cikakken girma. Denoising strength, wato ƙarfin canjin, ka fara da 0.45, ka fitar da guda huɗu ka zaɓa. Idan yatsa na shida ya ƙi tafiya, ka goge shi da launin kwalbar tukuna, sannan ka sake.

Duk kalmar da kake shakkar amfaninta, ka kulle Seed a lamba ɗaya domin hoto ɗaya ya riƙa fitowa, ka cire kalmar, ka kwatanta hotunan biyu. Wadda ba ta canza komai ba, ka watsar da ita.